Littafin miƙa aiki a ɗakin majinyata: me ake rubutawa, kuma ina bayani yake salwanta?

Me ya sa idan lokacin canjin aiki ya yi, sai ka ga nas-nas sun taru kan littafi ɗaya har kusan rabin awa, alhali ga mara lafiya yana jiran a duba shi? Masu jinya da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin hira ko aikin takarda da za a iya ɗagawa. Su ɗin ne kuma, idan dare ya raba wani abu ya taso, ransu yake ɓaci in nas ɗin da ke aiki ta ce, "Ba a gaya mini ba." Ƙorafin biyu tushensu ɗaya ne. Taruwar da ake gani a kan littafin ita ce aka tanada domin kada a kai ga jin waccan magana, kuma idan aka ji ta, galibi a wurin miƙa aikin ne aka yi sakaci.

Mene ne littafin, kuma me ya raba shi da fayil

Kowane majinyaci yana da fayil ɗinsa, inda likita yake rubuta abin da ya gano da abin da ya umarta. Yana da takardar magani, wadda nas take sa hannu duk lokacin da ta ba da ƙwaya ko allura. Yana da takardar awo, inda ake rubuta bugun zuciya, numfashi, zafin jiki da awon hawan jini. Idan ana yi masa ƙarin ruwa, akwai takardar lissafin abin da ya shiga jikinsa da abin da ya fita. Duk waɗannan suna ba da labarin abin da ya riga ya faru.

Littafin miƙa aiki gaba yake kallo. Nas mai sauka tana rubuta wa mai karɓa abu uku game da kowane gado: halin da majinyacin yake ciki a yanzu, aikin da ya rage ba a yi ba, da abin da ake tsoron ya faru a awannin da ke tafe. A wani asibitin littafi ne mai bango, a wani takarda ce da ake bugawa kullum, a wani kuma shafi ne a kwamfuta. Ba ya maye gurbin fayil. Abin da aka rubuta a cikinsa dole ya kasance yana da asali a takardun majinyacin, domin idan aka zo bincike can za a fara dubawa.

Dalilin buƙatarsa lissafi ne mai sauƙi. Inda ake canjin aiki sau uku a rana, majinyacin da ya kwana biyar an miƙa shi daga hannu zuwa hannu kusan sau 15, ban da miƙawar da likitoci suke yi a tsakaninsu. Nas ɗin dare ba za ta iya karanta fayil ashirin daga farko zuwa ƙarshe kafin ta fara aiki ba. Abin da aka rubuta mata da abin da aka faɗa mata shi ne idonta a awa biyu na farko. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2007, ta sa miƙa majinyaci cikin matakai tara da ta fitar na kare lafiyar marasa lafiya, ta kuma ba da shawarar a riƙa bin tsari ɗaya, mai karɓa ya samu damar tambaya da maimaita abin da ya ji.

Gado na 7, ƙarfe 8 na dare

Bari mu ɗauki misali mu bi shi daki-daki. Namiji ne mai nauyin kilo 60, an yi masa tiyata a ciki, an dawo da shi ɗaki ƙarfe 2 na rana. Yana da robar fitsari, da wata roba da aka bari a cikin domin ta riƙa fitar da jini da ruwan da suka taru. Nas ɗin yamma ta sha aiki, ƙarfe 8 ya yi, sai ta rubuta:

"Gado 7. An yi tiyata yau. Da sauƙi. Ana ƙarin ruwa. An ɗebi jini. An sanar da likita."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Mutumin idonsa biyu, yana magana, ya ma ce ciwon ya lafa. Amma ga abin da takardar awonsa take ɗauke da shi. Ƙarfe 2, bugun zuciya 84 a minti, awon jini 126/78, numfashi 16. Ƙarfe 5, bugu 96, awon jini 114/70, numfashi 18. Ƙarfe 7:30, bugu 112, awon jini 102/64, numfashi 22. Robar ciki ta tara mililita 150 zuwa ƙarfe 5, yanzu ta kai 400, kuma jajir ne. Fitsarin da ya yi daga ƙarfe 4 zuwa 8 mililita 70 ne kacal.

Idan ka ɗauki awon ƙarfe 7:30 shi kaɗai, wani zai ce ai 102/64 ba abin tada hankali ba ne, mutane da yawa haka jininsu yake. Abin tsoron yana cikin tafiyar lambobin: bugu yana hawa, awon jini yana sauka, har bugun ya tsallake lambar sama ta awon jinin. Ga fitsari kuma. Abin da ake sa ran babba ya fitar aƙalla shi ne rabin mililita a kowane kilo na nauyinsa a kowace awa, wato mililita 30 a awa ga wannan mutumin, 120 a awa huɗu. Ya kawo 70. Ƙoda tana rage fitsari idan jinin da ke isa gare ta ya ragu. Waɗannan alamu idan suka haɗu bayan tiyata, zubar jini a ciki ake fara zargi har sai an tabbatar ba shi ba ne. Jikin mai ƙarfi yana iya ɓoye asarar jini na tsawon awanni ta hanyar ƙara bugun zuciya da matse jijiyoyi, sannan awon jinin ya faɗi lokaci ɗaya.

Kalmar "da sauƙi" ta shafe wannan duka. Nas ɗin dare da ta karanta ta za ta sa gado na 7 a ƙarshen zagayenta, ta fara da masu kuka da ciwo. Ga yadda ya kamata rubutun ya kasance:

"Gado 7, a fara da shi. Tiyatar ciki yau, ya dawo 2:00. Ana zargin zubar jini a ciki. Bugu 84, 96, 112. Awon jini 126/78, 114/70, 102/64 (2:00, 5:00, 7:30). Numfashi 22. Robar ciki 400, ja, 250 a ciki bayan 5:00 suka taru. Fitsari 70 cikin awa 4. An kira likitan tiyata 7:40, ya ce a sa ruwa mililita 500 da sauri, yana tafe. An sa ruwan 7:50. Bai iso ba tukuna. An aika jini ɗakin gwaji 7:45 don ganin yawan jini da tanadin ledar jini biyu, sakamako bai dawo ba, a bi shi 8:45. Awo kowane minti 30, na gaba 8:00, mu yi tare. Kada a yi allurar tsinka jini ta 10:00 sai likita ya ce. Kada ya ci ko ya sha. Jikinsa ba ya karɓar fenisilin. Idan lambar sama ta sauka zuwa 90, ko bugu ya kai 130, ko ya fara rikicewa, ko likita bai zo ba zuwa 8:20, a kira babban likita nan take."

Ya fi na farko tsawo sau da yawa, amma bai wuce minti ɗaya a karanta ba, kuma kowane layi yana sa mai karɓa ta yi wani abu ko ta bar wani abu.

Aikin da ya rage: wa zai yi, yaushe

A nan bayani ya fi salwanta, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Dubi jimlar nan ta rubutun farko, "An ɗebi jini." Mai karantawa za ta ɗauka aiki ne da aka gama. Alhali ɗibar jini farkon aiki ce. Sai an kai shi, an gwada, an karɓo sakamako, wani ya karanta, ya kai wa mai yanke shawara. Nas ɗin da ta ɗebi jinin ita ce take ɗauke da sauran matakan a kanta, kuma ta tafi gida. Idan ba a rubuta cewa sakamako bai dawo ba, a bi shi a lokaci kaza, zai iya kwana a ɗakin gwaji ko a kwamfuta babu wanda ya buɗe.

"An sanar da likita" ma haka take. Wane likita? Ƙarfe nawa? Me ya ce? Ya zo ko bai zo ba? Jimlar tana kwantar wa mai karɓa da hankali cewa maganar tana hannun wani, shi kuwa likitan ƙila an riƙe shi a ɗakin tiyata, yana ganin ai za a sake kiransa idan abu ya ƙaru. Kowa yana jiran kowa, majinyaci yana tsakani. Maganin wannan shi ne a rubuta wa'adi: idan bai zo ba zuwa ƙarfe kaza, a kira wane.

Ƙa'idar da ta fi amfani ita ce kowane aiki da ya rage ya zo da abu uku: mene ne, ƙarfe nawa, wa zai yi. "A duba anjima" ba lokaci ba ne. Misali idan aka bar ledar jini tana tafiya, abin da mai karɓa take buƙata shi ne lokacin da aka fito da ledar daga firji, domin dole a gama ƙarin cikin awa 4 daga wannan lokacin, in ya wuce a cire ko da saura. "Ana ƙarin jini" kawai ba zai gaya mata yaushe agogon ya fara ba.

Akwai kuma aikin da ba a so a yi, wanda aka fi mantawa. Allurar tsinka jini ta ƙarfe 10 tana nan a takardar magani, likita ne ya rubuta ta tun safe domin hana gudan jini bayan tiyata, kuma a lokacin daidai ne. Nas ɗin dare da ta bi takardar sau da ƙafa za ta yi allurar, ta ƙara wa mai zubar jini zuba. Dole a sa alamar dakatarwa a takardar maganin kanta, a kuma faɗa a littafin, domin ɗaya ya tare abin da ɗaya ya sake.

Wani abin lura game da sakamakon jinin: idan ya dawo da lamba mai kyau, bai wanke majinyacin ba. A farkon zubar jini, gwajin yawan jini ba ya sauka nan da nan, sai ruwa ya shiga jijiyoyi ya sirka abin da ya rage. Haka robar ciki tana iya toshewa, a ga ta daina cika alhali jini yana taruwa a ciki. Shi ya sa aka ɗaura gargaɗin a kan bugu da awon jini da hankalin mutumin.

Gargaɗi mai lamba

"A sa ido a kansa" ita ce jimlar da ta fi yawa a littattafan miƙa aiki, kuma ba ta gaya wa kowa komai. Gargaɗi mai amfani yana da siffa ɗaya: idan kaza ya kai kaza, a yi kaza. Nas sabuwa da ba ta taɓa ganin zubar jini bayan tiyata ba za ta iya bin lamba 90 da 130 kamar yadda tsohuwar hannu za ta bi. Lambar tana kuma cire mata nauyin tada babban likita da tsakar dare, tunda ba ra'ayinta ba ne, sharaɗi ne da aka rubuta.

Asibitoci da yawa suna amfani da maki domin wannan. Wanda ya fi shahara shi ne NEWS2, da ƙungiyar likitocin Birtaniya ta fitar a 2017 domin manya. Yana ba da maki ga numfashi, yawan oksijin a jini, lambar sama ta awon jini, bugun zuciya, hankali da zafin jiki, da ƙari idan ana ba mutum oksijin. Mutumin gado na 7, idan zafin jikinsa da oksijin ɗinsa daidai suke, maki 0 yake da shi ƙarfe 2, maki 1 ƙarfe 5. Ƙarfe 7:30 bugu 112 ya ba shi 2, numfashi 22 ya ba shi 2, lamba 102 ta ba shi 1, jimla 5. A wannan tsari, 5 na nufin likita ya zo cikin gaggawa kuma a riƙa awo aƙalla kowace awa, 7 kuwa kiran taimakon gaggawa ne. Rubuta "0, 1, 5" a littafin yana faɗin labarin a taƙaice. Sai dai makin bai san da fitsari ko robar ciki ba, ba a kuma amfani da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 16 ko masu juna biyu. Idan nas ta ga mutum bai yi mata ba ko da makinsa ƙasa ne, wannan ma abin rubutawa ne, tare da faɗin abin da ta gani.

Inda ma'aikata suka saɓa

Wasu suna ganin rubutu ya wadatar, wasu suna ganin baki ya fi. Ko wanne shi kaɗai yana da rami. Magana tana bin iska, musamman ga wanda aka jero wa gadaje ashirin a jere. Rubutu kuma ba ya amsa tambaya. Abin da ya fi shi ne a haɗa: a rubuta kafin lokacin sauka, a karanta tare, mai karɓa ta maimaita da bakinta. "Gado 7, awo kowane minti 30, in bi jini 8:45, babu allurar 10, in kira babba 8:20 idan likita bai zo ba." A wannan maimaitawar ake kama wanda ya ji 8:45 a matsayin 9:45.

Akwai tsare-tsaren da aka ƙirƙira domin a riƙa bin jeri ɗaya. SBAR ya ce a faɗi halin da ake ciki, asalin matsalar, abin da mai bayani yake zargi, da abin da yake so a yi. I-PASS ya ƙara da fara faɗin tsananin ciwon da kuma maimaitawar mai karɓa. Wani bincike da aka wallafa a 2014, wanda aka yi a kan likitocin yara masu neman ƙwarewa a asibitoci tara na Amurka da Kanada, ya nuna kurakuran magani da kulawa sun ragu da kashi 23 cikin ɗari bayan an koyar da I-PASS, cutarwar da za a iya kauce mata ta ragu da kashi 30, kuma lokacin miƙa aikin bai ƙaru a zo a gani ba. Amma horo da sa ido ne suka tafi tare da takardar. Fom kaɗai ba ya gyara komai, domin ana iya cike kowane gurbi da "da sauƙi".

Saɓani na biyu kan wuri ne: a bakin gado ko a teburin nas-nas? Bakin gado yana da fa'idar da ba a samu a tebur. Nas biyu za su ga ledar ruwan da idonsu, su karanta robar ciki tare, su ga ko allurar hannu ta kumbura, shi ma majinyacin ya gyara idan an yi kuskure a kansa. Illarsa sirri ne, domin labule ba ya tare sauti. Hanyar da ta dace ita ce abin da ya shafi sirrin mutum, kamar sakamakon da ba a riga an gaya masa ba, a faɗe shi a tebur, sauran a yi a gabansa. Majinyaci irin na gado na 7 kuwa babu zaɓi, a gadonsa ake fara miƙawa, a yi awon tare.

Kwamfuta ta kawar da matsalar rubutun da ba ya karantuwa, ta kawo tata: kwafe bayanin jiya a liƙa a na yau. Sai ka ga "yana da robar fitsari" kwana biyu bayan an cire ta. Idan mai karɓa ta kama irin wannan sau biyu, ta daina yarda da shafin gaba ɗaya, har da gargaɗin da ke cikinsa na gaskiya.

Abin da ya shafi majinyaci da mai jinya

Rabin awar nan tana da tsada ga wanda ke jira, kuma ɗaki mai tsari yana ware mutum ɗaya ya riƙa amsa kira yayin da sauran suke miƙa aiki. Katse mai bayani a tsakiyar gado yana daga cikin hanyoyin da bayani yake salwanta, saboda idan ta dawo takan ɗora daga gado na gaba. Don haka abin da zai iya jira, kamar canjin zanin gado ko tambayar ranar sallama, a bar shi sai sun gama. Wahalar numfashi, jini da ke zuba, jijjiga, ciwon ƙirji, rikicewa ko barcin da aka kasa tada mutum daga gare shi ba sa jira, a katse su ko suna tsakiyar magana.

Mai jinya shi ne mutum ɗaya da ba ya canjin aiki, kuma yakan ga abin da takarda ba ta ɗauka ba. Idan sabuwar nas ta zo, yana da kyau ya faɗi abin da ya lura da shi dalla-dalla: "Malama, da rana yana hira, tun ƙarfe shida ya yi shiru, hannunsa ya yi sanyi, kuma ledar nan ta cika fiye da ɗazu." Yana iya tambaya ko jinin da aka ɗiba ya dawo, ko an gaya mata maganin da jikin majinyacin ba ya karɓa, da kuma ƙarfe nawa za a sake awo. Kada ya zubar da fitsarin leda ko abin da ke robar ciki da kansa ba tare da an auna an rubuta ba, domin mililita 70 ɗin nan da aka gina zargi a kanta daga wannan ledar aka karanto ta. Littafin kansa ba a ba wa 'yan uwa su karanta, saboda yana ɗauke da bayanin duk mutanen ɗakin. Wanda yake son sanin halin da nasa yake ciki, sai ya nemi nas ɗin da ke riƙe da gadon ko likita su yi masa bayani, da izinin majinyacin idan yana cikin hayyacinsa.